Ƙwayar Shinkafa Ɗaya Ta Ishi Yaro: Jawabi Kan Man Goge Baki da Haƙoran Yara

 

Yawancinku kun san mu a teburin jami'in kare haƙƙi, inda muke yi muku tafinta. Mu ba likitoci ba ne. Amma tun da aka raba kayan tsabta, tambaya ɗaya ta yi ta dawowa teburinmu, har muka ga ya dace mu je mu zauna da ma'aikatan lafiya su warware mana ita dalla-dalla, mu kuma mu kawo muku da harshenmu. Tambayar kan man goge baki ce, wanda da yawanmu muke kira makilin.

Ga yadda abin ya faro. Wata baiwar Allah ta zo mana hankali a tashe. Ɗanta mai shekara biyu ya samu kwalin man a cikin jaka, ya buɗe, ya ji zaƙi, ya yi ta lasa har ya yi amai. Kafin la'asar labari ya zaga layinsu cewa an raba wa mutane guba. Wasu suka zubar da nasu, wasu suka kai kasuwa. A wani layin kuma muka tarar da akasin haka. Wata uwa, saboda son ɗiyarta ta yi fararen haƙora, sai ta riƙa cika mata buroshi taf da man, safe da yamma, yarinyar kuwa haɗiye shi take yi kamar alewa.

Dukansu biyu ƙaunar 'ya'yansu ce ta sa su, kuma dukansu biyu sun kauce. Maganar da muka zo da ita yau guda ɗaya ce: sinadarin da ke cikin man nan aikinsa a kan haƙori yake, ba a cikin ciki ba. Wanda ya taɓa haƙori shi ne mai amfani. Wanda aka haɗiye ba shi ake nema ba, in ya yi yawa ma yana barin tabo. Duk sauran bayanin daga nan ya fito.

Ɓawon haƙori

Ku taɓa haƙorinku da farce. Wannan farin abu mai santsi da kuka ji, shi ne ɓawon haƙori. Babu abin da ya kai shi tauri a duk jikin ɗan Adam, har ƙashi bai kai shi ba. Kusan dukansa ma'adini ne, wato kamar dutse, wanda aka gina da sinadarai biyu, kalsiyam da fosfet. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, can ciki kuma akwai jijiya, wadda ita ce ke hana mutum barci in ciwo ya kai gare ta.

Ɓawon nan yana da rauni ɗaya. Ba shi da jini, ba shi da rai irin na fata. In ka yanke a hannu, fata za ta haɗe. In ƙashi ya karye, mai ɗori zai ɗaure ya warke. Amma in rami ya buɗe a ɓawon haƙori, jiki ba ya sake toho da wani. Haƙoran nono na yara kuma ɓawonsu ya fi na manya sirantaka, shi ya sa ruɓa ke cin su da sauri.

To me ke cin abu mai tauri haka? A gida mukan ce tsutsa ce ta shiga haƙori. Babu tsutsa. Abin da ke akwai shi ne wasu ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin wannan datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori. Duk lokacin da muka sha shayi mai sukari, ko yaro ya ci alewa ko biskit, ko ya sha kunu mai zaƙi, su ma sun samu abinci. Sai su ci sukarin su fitar da tsami. Tsamin nan shi ke narkar da kalsiyam da fosfet daga jikin ɓawon, kaɗan-kaɗan, ba tare da mutum ya ji komai ba.

Allah cikin ikonSa ya ba mu mai gyara a cikin baki, wato yawu. Yawu yana wanke tsamin, kuma yana ɗauke da kalsiyam da fosfet da yake mayar wa haƙori. Bayan an ci zaƙi, yakan ɗauki kamar rabin awa zuwa awa guda kafin baki ya koma daidai. Saboda haka kullum ana cikin zaizaya da gyara, zaizaya da gyara. In gyara ya fi yawa, haƙori na nan lafiya. In yaro yana ta tsotsar zaƙi daga safe har dare, yawu bai samu sararin gyara ba, sai zaizaya ta yi rinjaye, wata rana a ga rami.

Abin da fuloraid ke yi

Sinadarin da muke magana a kansa sunansa fuloraid. Ba baƙon abu ba ne. Yana cikin duwatsu da ƙasa, akwai shi kaɗan a ruwan rijiya da na burtsatse, akwai shi a ganyen shayi.

Da yawanmu mun tashi a gidan ƙasa. Kun san yadda damina ke wanke jikin katanga, kun san kuma ana sake yaɓe. Magina na gargajiya in suna son yaɓen ya jure ruwa, sukan haɗa shi da makuba ta ɗorawa. Ƙasar ita ce dai, amma da makuba a ciki ruwan sama ba ya cin ta da sauƙi. To haka fuloraid yake ga haƙori. Yawu ne mai yaɓe. In akwai fuloraid a baki lokacin da yake yaɓen, abubuwa biyu ne ke faruwa. Na farko, kalsiyam da fosfet suna komawa jikin haƙori da sauri fiye da da. Na biyu, fuloraid ɗin yana shiga cikin sabon yaɓen, sai ya zama ya fi tsohon jure tsami.

Masana suna da ma'aunin tsami. Ruwa tsantsa yana kan lamba 7, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Ɓawon haƙori yana fara narkewa in aka sauko wajen 5.5. Wanda fuloraid ya shiga jikinsa kuwa yana jurewa har wajen 4.5. Tazarar kamar ƙarama ce a ido, amma a wannan ma'auni kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ban da wannan, fuloraid yana rage wa ƙwayoyin cutar ƙarfin yin tsamin.

Ku lura da kyau, duk wannan aiki a saman haƙori yake faruwa, inda man ya taɓa, da ɗan abin da ya rage cikin yawu bayan an gama. Shi ya sa ba yawan man ne ke aiki ba, yawan maimaitawa ne. Kaɗan sau biyu kullum ya fi tuli sau ɗaya a mako. Saboda wannan amfani ne a shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magungunanta.

To me ya sa ake tauye wa yara?

Domin ƙaramin yaro bai iya tofarwa ba. Duk abin da ya shiga bakin ɗan shekara ɗaya ko biyu, ciki ya nufa. Ko ɗan shekara huɗu yakan haɗiye wani kaso mai yawa. Kuma a daidai waɗannan shekaru akwai wani aiki da ke gudana a ɓoye. A cikin dasashi, ƙarƙashin haƙoran nono, ana gina haƙoran girma, waɗanda za su fito bayan yaro ya yi famfara, waɗanda zai rayu da su har tsufa. Ginin ɓawonsu yana ci gaba har yaro ya kai wajen shekara takwas. Na gaba, waɗanda ake gani in mutum ya yi murmushi, an fi gina su a shekaru ukun farko.

Fuloraid ɗin da yaro ya haɗiye yana bin jini ya isa wurin ginin. In ya yi yawa, kuma ya daɗe yana yawa, sai ya dagula ginin. Ba a ganin komai a lokacin. Sai bayan shekaru, ranar da haƙoran suka fito, a gan su da fararen layuka ko ɗige-ɗige kamar an shafa alli. In abin ya yi tsanani, su fito da launin ruwan goro, har da ƙananan ramuka. Wannan tabo ba datti ba ne, a cikin ginin yake. Ko da gawayi ko toka aka dirje, ba ya fita, sai ma a ƙara kankare ɓawon.

Ta wannan tabo ne ma duniya ta gano fuloraid. A shekarar 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya je aiki garin Colorado Springs a Amurka, ya tarar mutanen wurin da yawa haƙoransu da tabo ruwan goro. Abin da ya ba shi mamaki, waɗannan haƙora masu tabo ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka tabbatar cewa fuloraid mai yawa a ruwan shansu ne sanadi. Daga nan masana suka shiga neman gwargwadon da zai hana ruɓa ba tare da ya bar tabo ba. Ma'aunin da za mu gaya muku yanzu daga irin wannan nema ya samo asali.

Ma'aunin

Daga ranar da haƙori na farko ya ɓullo, wato wajen wata shida, har yaro ya cika shekara uku: a ɗan shafa man a kan buroshi, gwargwadon ƙwayar shinkafa ɗaya. Shafawa ce kawai, har kana iya hango gashin buroshin ta cikinsa.

Daga shekara uku zuwa shida: gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake ɗaya. Dabarar ita ce a sa man a faɗin buroshi, ba a tsawonsa ba.

Wanda ya wuce shida, ya iya tofarwa sosai, shi ma ƙwayar waken ta ishe shi. Har mu manya ba ma bukatar wannan doguwar igiya da ake nunawa a hoton talla.

Bari mu yi lissafin tare, don kada ku ce faɗa kawai aka yi. A jikin kwalin man za ku ga lamba da haruffa uku a gefenta, ppm. Lambar ce ke nuna ƙarfin fuloraid. In an rubuta 1000 ppm, ma'anarsa a kowane giram ɗaya na man akwai miligiram ɗaya na fuloraid. Buroshin da aka cika taf yana ɗaukar kusan giram ɗaya. Ƙwayar wake kusan rubu'in giram ce. Ƙwayar shinkafa kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na giram ce.

Mu ɗauki yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, mai nauyin kilo 10, kamar yadda ake rubuta muku a katin awo. Gwargwadon da masana ke ganin ya dace da yaro mai wannan nauyi shi ne wajen rabin miligiram a yini, in an haɗa na ruwa da na abinci da na komai. In uwa ta shafa masa ƙwayar shinkafa safe da dare, ko da ya haɗiye duka, miligiram 0.2 ya shiga cikinsa. Bai kai rabin gwargwadon ba, an bar wa ruwa da abinci wuri. In kuwa ta cika buroshi sau biyu ya haɗiye, miligiram 2 ke nan, ninki huɗu na abin da ya dace, tun ba a ƙirga ruwan da ya sha ba. In man mai 1450 ppm ne, ya doshi miligiram 3. Yini ɗaya ba zai yi masa komai ba. Amma a yi haka kullum shekara biyu, daidai lokacin da ake gina haƙoransa na gaba, to an shuka tabon da za a girba yana ɗan shekara bakwai.

Akwai kuma lissafin aljihu. Ku ɗauki gida mai mutum biyar: uba, uwa, ɗan shekara tara, 'yar shekara huɗu, da wancan na goye. In huɗun suka sa ƙwayar wake sau biyu, giram 2 ke nan a yini, a ƙara 0.2 na ƙaramin. Man da ke da giram 100 zai kai su kwana 45. In kowa ya cika buroshi, giram 10 ne a yini, cikin kwana 10 ya ƙare. A wurin da ba kullum ake rabo ba, wannan bambanci ne tsakanin yaron da ke samun kariya kowace rana da wanda ke samu mako ɗaya ya rasa wata guda.

Yadda ake yi

Babba ne zai matsa man, ba yaro ba. Wannan ita ce doka ta farko.

Ga na goye, iya, ki zauna a tabarma ki kwantar da kansa a cinyarki, fuskarsa na kallon sama. Ki ɗaga leɓensa na sama da yatsa, domin a nan gindin haƙoran gaba ne ruɓa ke fara kama yara. Ki goge a hankali da ƙaramin buroshi mai laushi, kina ɗan juya shi a inda haƙori ya haɗu da dasashi, waje da ciki da saman turame. In babu buroshi, ki naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, ki shafa ƙwayar shinkafar a kai. Kumfar da ta fito ki share da gefen tsumman. Zai yi kuka a kwanakin farko. Kukan ma buɗe miki baki yake yi, kuma da sannu zai saba.

Ga mai shekara uku zuwa shida, ki tsaya a bayansa, ki bar shi ya gwada, sannan ki karɓa ki kammala, kamar minti biyu gaba ɗaya. Ki koya masa tofarwa tun da ruwa zalla, kamar wasa. Hannun yaro ba ya iya goge haƙori da kyau sai ya kai wajen shekara bakwai, saboda haka kafin nan idon babba da hannunsa ba sa barin wurin. Ba aikin uwa kaɗai ba ne. Baba, kai ma in kana nan da dare, naka ne.

Sau biyu a yini, kuma na dare ya fi muhimmanci. In mutum ya yi barci yawu yana raguwa sosai, wato mai yaɓe ya tafi hutu. Saboda haka goge baki shi ne abu na ƙarshe kafin kwanciya. Bayansa babu shayi, babu alewa, babu kunu mai sukari, sai ruwa in ƙishi ya taso.

Sai abin da zai zo muku banbaraƙwai: in an gama, a tofar, kada a kurkure baki da ruwa. Mun saba kurkurewa sau uku sau huɗu har sai ɗanɗanon ya tafi. Yin haka kamar mutum ne ya gama yaɓe da makuba ya ɗauko bokiti ya sheƙa wa katangar. Ɗan abin da ya rage a baki bayan an tofar, shi ne zai ci gaba da aiki cikin dare. Ga shi kuma an huta da ɓarnar ruwan da aka sha layi kafin a ɗebo.

Wani dattijo ya tambaye mu batun asuwaki. Baba, ka riƙe asuwakinka, yana kankare datti da kyau, kuma cire dattin nan rabin aiki ne. Abin da ba ya bayarwa shi ne fuloraid gwargwadon na man. Ana iya haɗa su, asuwaki da rana, man kuma safe da dare.

In za ku saya a kasuwa, ku duba lambar nan. A nemi mai 1000 zuwa 1500 ppm. Wanda lambarsa ta gaza 1000, ko da an zana masa hoton yara, kariyarsa ba ta kai ba. Gara mai cikakken ƙarfi a sa kaɗan, da mai rauni a sa da yawa. Wanda babu lambar ko kaɗan, ko ranar lalacewarsa ta wuce, ku bar shi. Wanda bai iya karatu ba ya kawo mana tebur mu duba masa.

Fari biyu da ba iri ɗaya ba

Sau ɗaya a wata, ku ɗaga leɓen yaro a cikin haske ku duba. Akwai farin tabo iri biyu, kuma sanin bambancinsu yana da amfani.

Na farko farkon ruɓa ne. Yana fitowa a gindin haƙori, dab da dasashi, kamar jinjirin wata, fari fat marar sheƙi, a haƙorin da a da lafiyarsa lau. Wannan alama ce cewa tsami ya zaizaye ciki amma saman bai rufta ba tukuna. A wannan mataki ana iya tsayar da shi, har ya sake tauri, in aka dage da gogewa da man aka kuma rage yawan cin zaƙi. Ku kai yaron asibitin sansani a gani. In aka bari ya zama ruwan kasa ya buɗe rami, man ba zai cike shi ba, sai ma'aikacin haƙori. Nan ne iyakar fuloraid: yana hana rami, ba ya toshe rami.

Na biyu tabon yawan fuloraid ne. Shi da shi haƙori ke fitowa tun ranar farko. Yakan zama layuka a kwance, kuma yana kama haƙora biyu-biyu, na dama da takwaransa na hagu, domin tare aka gina su. Ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa daga wani. Yaron da ke da shi ba ƙazami ba ne, kada a bari a riƙa tsokanarsa a makaranta. Kuma shi ma zai ci gaba da goge baki da man, domin haƙorin da ya riga ya fito, fuloraid ba ya ƙara masa tabo.

Wata uwa ta ce mana, haƙoran nono ai zubewa za su yi, mene ne na wahala? Iya, turamen nono suna nan har yaro ya kai shekara goma ko fiye. Yaron da turminsa ke ciwo ba ya tauna, wanda ba ya tauna kuwa ramewa yake yi, kuma kun san abin da rama ke nufi a inda muke. Sannan a wajen shekara shida wani turmi yana fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Mutane da yawa suna ɗaukarsa na nono, alhali na girma ne, ba shi da madadi.

Batun ruwa

Akwai wuraren da fuloraid ya yi yawa a ruwan ƙasa tun asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita ta ruwan sha. Mutanen jihar Maraɗi ba za su manta da Tibiri ba, inda daga tsakiyar shekarun 1980 aka daɗe ana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai fuloraid fiye da kima, har ɗaruruwan yara suka samu lanƙwashewar ƙashi ban da tabon haƙora. Wannan daga ruwan da ake sha kullum ne shekara da shekaru, ba daga man goge baki ba. Mun kawo shi ne don ku san abu biyu. Fuloraid ba shi da launi ko wari a ruwa, sai an gwada ake sani, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi. In kuka lura yaran da suka tashi a kan rijiya ɗaya duk haƙoransu na fitowa da tabo ruwan goro, ku sanar da ma'aikatan ruwa su gwada ta. A irin wannan wuri kiyaye ma'aunin ƙwayar shinkafa ya ƙara zama dole, tun da ruwa ya riga ya ci kason yaron.

In yaro ya sha man

Mu koma kan baiwar Allah da muka fara da ita. Ɗanta ya warware, aman nan cikinsa ne ya ƙi abin da ya yi masa yawa. Ɗan abin da yaro ya haɗiye wajen gogewa ba abin tashin hankali ba ne. In ya lasa ya wuce haka, yakan yi ciwon ciki ko amai ko zawo. A ba shi madara ko nono, domin kalsiyam ɗin ciki yana kama fuloraid ya rage shigarsa jini. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko ruwan gishiri.

Haɗarin gaske yana farawa ne daga wajen miligiram 5 a kowane kilo na nauyin yaro. Ga mai kilo 10, miligiram 50 ke nan, wato rabin man mai giram 100 in mai 1000 ppm ne, ko kusan sulusinsa in mai 1450 ne. Kada ku tsaya awo. In kun ga man ya ragu sosai, ko ba ku san yawan da ya sha ba, ko yana ta amai, ko yawu na dalala, ko jikinsa ya saki, ku ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ku riƙe kwalin a hannu don ma'aikaci ya ga lambar.

Mun san ɗaki ɗaya ne, babu kabad, babu makulli. Ku sa man a inda kuke sa magani, cikin jakar da aka rataye a sama ko ƙasan akwati, ba cikin kwandon da yaro ke wasa da shi ba. Wadda ta zubar da nata saboda tsoro, babu laifi, ta zo ta yi magana. Wadda take cika buroshi, daga daren yau ta koma ƙwayar shinkafa.

Yanzu za mu zagaya da buroshi biyu, ɗaya da ƙwayar shinkafa, ɗaya da ƙwayar wake, kowa ya gani da idonsa. Wadda ta zo da na goye ta matso gaba mu gwada kwantar da kan tare. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ma'aikaciyar lafiya na nan tare da mu, mu kuma za mu fassara.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su lafiya, Ya mayar da mu gida cikin aminci.